Gargaɗi ga 'yan kwangila: a kula da masu sayar da takardar inshora ta bogi

Jama'a, musamman 'yan'uwana masu neman kwangilar gwamnati a Birnin Kebbi, akwai wasu da ke yawo idan an fitar da tallar aiki, suna cewa za su samo maka satifiket ɗin inshora kafin la'asar. Sun ci kuɗin ƙanena, shi ya sa nake wannan rubutu.

Ya nemi aikin gina ajujuwa a wajen Argungu, cikin sharuɗɗan kuwa har da shaidar inshorar rai ta ma'aikata. Saura kwana biyu a rufe karɓar takardu, sai wani ya ce masa, "Alhaji, kawo naira 45,000, ka bar mini sauran." Ya tura kuɗin a asusun mutumin. Da yamma aka kawo takarda shafi ɗaya mai tambari da hatimi, kyakkyawa da ita.

Da na gani sai na tambaye shi ina kundin yarjejeniyar. Satifiket taƙaitawa ce kawai. Kundin shi ne ke ɗauke da lambar yarjejeniya, ranar farawa da ta ƙarewa, sharuɗɗan biyan diyya, da jadawalin sunayen ma'aikata. Dokar fansho ta 2014 ta ce a yi wa kowane ma'aikaci inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Ma'aikatansa biyar ne, kowanne na ɗaukar naira 600,000 a shekara, ke nan 1,800,000 kowane mutum, jimilla miliyan 9. To wannan mutumin bai taɓa tambayar sunayensu ko albashinsu ba. Da me ya yi lissafi?

Muka shiga shafin hukumar NAICOM, naicom.gov.ng, wadda ita ke ba kamfanonin inshora lasisi. Sunan kamfanin da ke jikin takardar yana nan, kuma a nan ne mutane ke sakankancewa. Amma lasisi iri-iri ne: akwai na inshorar rai, akwai na gama-gari wato mota, gobara da gine-gine, akwai kuma masu riƙe da duka biyun. Wannan kamfani na gama-gari kaɗai yake da shi, ba shi da ikon sayar da inshorar rai. Muka kira ofishinsu da lambar da ke shafinsu, ba wadda ke jikin takardar ba, suka ce ba su san wannan lambar yarjejeniya ba.

Don Allah kada ka biya a asusun mutum. Ka biya a asusun kamfani ka karɓi rasit da sunan kamfaninka, domin a doka in kuɗi bai shiga ba babu inshora. In ta hannun dillali ka bi, shi ma ka duba nasa lasisin. Ka fara nema tun ranar da aka yi talla. Da ƙanena ya miƙa waccan takarda aka bincika, shi za a tuhuma da gabatar da jabu, shi kuwa mutumin tun ranar wayarsa a kashe take.