Kafin ka sayi tsohon faifai a Circle: chkdsk, fsck ko rahoton faifan kansa?

Wanda ya shiga Tip Toe Lane a Circle da ke Accra neman faifan kwamfuta na hannu, ko laftop da aka sauke daga waje, yakan ji mai shago yana cewa an riga an bi faifan da chkdsk, ba shi da wata matsala. Maganar tana iya zama gaskiya, amma ba ta isa hujjar biyan kuɗi ba, domin chkdsk a Windows da fsck a Linux an yi su ne don gyara tsarin fayiloli, wato lissafin da ke nuna inda kowane fayil yake zaune. Ba sa warkar da sekta, wato ƙaramin gurbin ajiya a jikin faifai, idan ta lalace.

A Windows, idan aka rubuta `chkdsk D:` kawai, dubawa yake yi bai taɓa komai ba. Da `/f` yana daidaita lissafin da ya rikice, irin wanda ɗauke wuta ke haddasawa lokacin da ake tsakiyar rubutu, amma ba ya karanta faifan daga farko zuwa ƙarshe. Mai wannan aikin shi ne `/r`: yana bin kulasta, wato rukunin sektoci, ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta ƙi karantuwa sai ya ceto abin da zai iya, ya mayar da fayil ɗin wani wuri mai lafiya, sannan ya rubuta lambar wadda ta lalace a wani ɓoyayyen fayil na NTFS, tsarin fayilolin Windows, mai suna `$BadClus` don kada a sake ajiya a cikinta. Da yake kulastar NTFS ta yau da kullum kilobait 4 ce, wato sekta 8 masu bait 512, sekta ɗaya tak da ta mutu takan jawo a killace kulastar gaba ɗaya. Abin ya yi kama da ramin titi da aka kewaye da duwatsu: motoci sun daina faɗawa, ramin kuwa yana nan. Abin da ya ƙi karantuwa ba ya dawowa, shi ya sa wani bidiyon biki yakan tsaya cak a tsakiya bayan an ce an gyara, gutsattsarin fayilolin da suka rasa mazauni kuma su ƙare a `found.000`.

Na Linux bai bambanta sosai ba. A faifai mai tsarin fayiloli na ext4, `e2fsck -c` yana kiran `badblocks` ya karanta ko'ina, ya saka wuraren da suka gaza a jerin da tsarin fayilolin zai riƙa kauce wa. `-cc` kuma yana gwada rubutu da karatu yana mayar da bayanan yadda suke, saboda haka ya fi cin lokaci nesa ba kusa ba. Sharaɗinsa shi ne a fara sauke ɓangaren faifan da za a duba da `umount`, domin gyara ɓangaren da ake aiki da shi yana iya lalata abin da da lafiyarsa ƙalau.

Inda mai saye yake shiga tarko shi ne, jerin nan yana zaune ne a cikin tsarin fayiloli, kuma fomat na gaggawa yana share shi ya kawo sabo wanda babu komai a ciki. Faifan da jiya yake da ɗaruruwan kulastoci a killace, yau bayan fomat na ɗan lokaci kaɗan zai nuna `0 KB in bad sectors`. Ba lallai ne mai shago ya yi da niyyar cuta ba, yawancinsu suna yin fomat ne don share kayan mai shi na farko.

Akwai lissafi na biyu wanda fomat ba ya shafewa, shi ne wanda faifan yake riƙe wa kansa, SMART. Kowane faifai yana fitowa daga masana'anta da sektocin ajiya, kuma idan wata ta ƙi karantuwa yakan sa ta a jerin jira, sai ranar da aka zo yin rubutu a wurin ya gwada ta, in ta gaza ya musanya ta da ta ajiya. Ana karanta wannan da CrystalDiskInfo a Windows, ko kuma da wannan a Linux:

```
sudo smartctl -a /dev/sdb
sudo smartctl -t long /dev/sdb
```

Layuka uku ne abin dubawa, kuma a ginshiƙin `RAW_VALUE`: lamba 5 tana ƙirga sektocin da aka riga aka musanya, 197 waɗanda ke jira, 198 waɗanda suka gagara gyaruwa. Lamba 199 idan ta hau, galibi laifin waya ne ko mahaɗi, ba na faifan ba. Idan ta akwatin USB aka haɗa shi kuma bai nuna komai ba, a ƙara `-d sat`.

A ɗauka an ajiye maka faifai biyu masu terabait 1 a kan tebur. Na farko chkdsk ya ce babu komai, amma lamba 5 tana nuna 312, lamba 197 kuma 24. Na biyu chkdsk ya nuna `8 KB in bad sectors`, wato kulasta biyu, lamba 5 tana kan 2, 197 kuma sifili. Ido zai karkata ga na farko, alhali shi ne abin gudu: ya riga ya ci ɗaruruwan sektocin ajiyarsa, ga wasu 24 da a yanzu haka ba ya iya karantawa. Na biyun yana iya yiwuwa tsohon rauni ne da ya tsaya wuri ɗaya, kuma hanyar ganewa ita ce a ɗauki hoton lambobin da waya, a sa doguwar jarrabawar `-t long`, a sake dubawa bayan ta ƙare. In ba su motsa ba, zan iya sayensa da rangwame don ajiye finafinai ko abin da yake da kwafi a wani wuri, amma ba zan ɗora masa lissafin shago ba. In sun ƙaru ko da da kaɗan ne, lalacewar tana ci gaba, a mayar wa mai shi.

Lokaci ma yana cikin ciniki. Karanta SMART minti ɗaya ne, ana yinsa a tsaye a gaban shago. Karanta terabait 1 kuwa, a gudun megabait 100 a daƙiƙa, daƙiƙa 10,000 ne, kusan awa uku, kuma faifai mai rauni yana ninka haka saboda yana ta maimaita karatu a inda ya makale. Jarrabawa mafi tsanani, `badblocks -wsv`, tana rubutawa ta karanta sau huɗu, wato zagaye takwas, kusan kwana guda cur, kuma tana shafe duk abin da ke ciki. Amfaninta shi ne tana tilasta wa faifan ya yanke hukunci a kan sektocin da ke jira. Don haka kafin kuɗi su bar hannunka, ka ce: “Alhaji, a ba ni kwana biyu in gwada, in lambobin nan sun hau zan dawo da shi.” A yi gwajin a laftop mai batir mai kyau ko a kan UPS, musamman duk wanda ke rubutu, saboda dumso, wato ɗauke wuta.

A SSD, `/r` ba ya gaya maka wani abin kirki, tun da faifan yana juya wuraren ajiyarsa da kansa. Can abin dubawa shi ne yawan rayuwar da ya ci, wanda SSD nau'in NVMe ke nunawa a `Percentage Used`.

Wanda kuma ya zo sayen sabo ne don nasa ya fara ƙara ko daskarewa, kada ya bari a sa wa tsohon `chkdsk /r` da sunan ceto, domin awannin karatun dole suna iya ƙarasa shi, gyaran kuma yana canza lissafin da mai ceto zai dogara da shi. A fara kwashe shi zuwa sabon da `ddrescue`, wanda ke ɗebe wurare masu lafiya tukuna kafin ya koma kan masu wuya, sannan a yi chkdsk ko fsck a kan kwafin. Wannan yana nufin sabon faifan dole ya kai girman tsohon ko ya fi shi.