Lissafinsu ya fita tsaf, amma da ruwa ya kwanta a lambatu

Masu aikin safiyon nan da ke zuwa da na'urar dampi su ɗauki lebul, waɗanda 'yan kwangila da yawa a Kano ke kira idan aiki ƙarami ne, su na ɗauka don lambatun layinmu mai tsawon mita 80. Kuɗinsu kowa ya sani, ba sa ragi, ni ma ban nema ba. Abin da na biya dominsa shi ne takardar da za ta gaya wa magini zurfin da zai haƙa a kowane fegi, don ruwa ya gangara ya faɗa babbar magudana ta bakin titi.

Zan fara da abin da ya burge ni, don hakkinsu ne a faɗa. Yaron da ke rubutu ya iya aikinsa. Na saba ganin masu ɗaukar lebul suna zuba lambobi a bayan buhun siminti, su ce sai sun koma ofis za su gyara. Wannan kuwa da littafinsa mai layuka ya zo, da fensir, kuma kowane karatu yana shiga gurbinsa tun kafin mai riƙe sanda ya ɗaga ƙafa. Ga shafin da suka ba ni, yadda yake:

```
BS     IS     FS     Rise   Fall   RL       Remarks
1.265                              100.000  TBM
       1.480                0.215   99.785  0 m
       1.655                0.175   99.610  20 m
0.985         1.910         0.255   99.355  CP
       1.320                0.335   99.020  40 m
       1.140         0.180          99.200  60 m
              1.575         0.435   98.765  80 m
```

Ga wanda bai saba ba, layin BS karatun baya ne, wato na farko da ake ɗauka duk lokacin da aka kafa na'ura, a kan wurin da aka riga aka san tsayinsa. FS karatun gaba ne, na ƙarshe kafin a ɗage ta. Duk abin da ya faɗo tsakaninsu yana shiga IS, wato karatun tsakiya. Rise hawa ne, Fall sauka, RL kuma tsayin da aka fitar wa kowane wuri. Sun fara daga wata ƙusa da suka buga a dandamalin kankare na ƙofar masallaci, suka ba ta tsayin mita 100.000 don kawai a samu abin dogaro, ita ce TBM.

Hanyar hawa da sauka ba ta da wuya idan mutum ya riƙe abu ɗaya: kowane karatu ana gwada shi da wanda ya zo kafinsa. Idan sabon karatu ya fi na baya girma, ƙasa ta sauka ke nan, domin sanda ta nutse ƙasa har idon na'ura ya kama ta can sama. Idan ya fi ƙanƙanta, ƙasa ta hau. Daga 1.265 zuwa 1.480 an sauka 0.215, sai a cire shi daga 100.000 a samu 99.785. Daga 1.320 zuwa 1.140 kuwa an hau 0.180, sai a ƙara. Inda mutane ke rikicewa shi ne layin CP, wurin da aka canza mazaunin na'ura. Karatu biyu ne a kan wuri ɗaya, sanda ba ta motsa ba, na'ura ce ta tashi. Ana gwada 1.910 da 1.655 da ke samansa, tunda duk daga mazauni na farko aka ɗauke su. Shi kuma 0.985 da wanda ke ƙasansa ake gwada shi, wato 1.320. Ba a taɓa cire 0.985 daga 1.910, don tsayin idon na'ura ya riga ya canza. Yaron nan bai yi tuntuɓe a nan ba ko kaɗan.

A ƙasan shafin kuma ya jera binciken lissafi guda uku da hannunsa:

```
ΣBS − ΣFS          = 2.250 − 3.485     = −1.235
ΣRise − ΣFall      = 0.180 − 1.415     = −1.235
Last RL − First RL = 98.765 − 100.000  = −1.235
```

Uku duk sun zo ɗaya, karatun baya biyu, na gaba biyu, kamar yadda ya kamata adadinsu ya daidaita. Gaskiya na ji daɗi, har na fara ba wasu abokan sana'a labarinsu. Hanyar hawa da sauka ma ita na fi so a aikin lambatu, saboda karatun tsakiya suna shiga cikin binciken. A ɗaya hanyar, ta tsayin idon na'ura, mutum zai iya kuskuren ragi a karatun tsakiya kuma binciken da aka saba yi ya wuce bai kama shi ba.

Matsalar ta fito ne lokacin da tsohon maginin da nake aiki da shi ya fara ja da igiya. An tsara lambatun ya riƙa sauka mita ɗaya a cikin kowace mita 200, wato santimita 10 a kowace mita 20. Ya haƙa fegin mita 20 da na mita 40 daidai zurfin da aka rubuta masa, ya ɗauko tiyon ruwansa ya gwada, sai ya kira ni. Ya ce, "Alhaji, zo ka gani, gindin nan biyu kai ɗaya suke. In muka zuba kankare a haka, nan ruwa zai kwana." Na duba da idona, ruwan tiyo bai nuna gangare ba sam.

Na kira shugaban masu safiyon. Amsar da ya ba ni ita ce ta ɓata min rai fiye da kuskuren kansa. Ya ce, "Yallaɓai, ai ka ga cak ɗinmu uku sun yi daidai, aikinmu ba shi da matsala, maginin naka ne bai iya tiyo ba." Mutumin da ke karɓar kuɗin mutane a kan lebul bai kamata ya furta wannan ba. Binciken nan uku ba su san komai game da ƙasa ba. Abin da suke tabbatarwa kawai shi ne an yi tarawa da ragi daidai a kan lambobin da aka rubuta. Sa kowace lamba ka ga dama a gurbin 0.985, ka sake lissafin a tsanake, uku za su sake haɗuwa. Kamar ɗan kasuwa ne da ya tara kuɗin littafinsa daidai alhali tun farko an rubuta masa farashin da ba shi ba.

Da ƙyar suka dawo. Na ce kada su sake bin layin gaba ɗaya tukuna, su kafa na'ura a tsakiyar fegin mita 20 da na mita 40 su karanta duka biyun daga mazauni ɗaya. Suka samu 1.040 da 1.530. Bambancin 0.490 ke nan. A takardarsu kuwa, 99.610 a cire 99.020 ya ba da 0.590. Santimita 10 cif sun ɓace, kuma tsakanin fegin nan biyu babu abin da ya faru sai canjin mazauni. Da suka bi sawu, sai ta tabbata karatun baya na CP ne: 1.085 ne aka karanta 0.985. Kuskure ne da aka sani a kusa da alamar mita ɗaya, ido ya kama milimita daidai amma ya ɗauki lambar gidan da ke ƙasa. Tasu na'urar ma tsohuwar dampi ce, irin wadda ke nuna sanda kai ƙasa, lambobi suna ƙaruwa zuwa ƙasa a cikin madubi, don haka sai mai karatu ya natsu sosai.

Abin da ya sa kuskure a wannan gurbi ya fi muni shi ne ba ya tsayawa a wuri ɗaya. Da karatun tsakiya aka ɓata, fegi ɗaya ne zai lalace, na gaba da shi ya dawo daidai, domin abin da aka ƙara a sauka za a mayar a hawa. Amma karatun baya a CP shi ne ke ɗauke da duk abin da ya biyo baya. Saukar gaskiya zuwa mita 40 ita ce 0.235, su suka rubuta 0.335. Saboda haka tsayin gaskiya 99.120 ne, sai 99.300, sai 98.865 a ƙarshe. Sun nuna ƙasar ta fi yadda take zurfi da santimita 10, aka ba magini zurfin haƙa da ya gaza da santimita 10, gangaren mita ashirin ɗin nan ya tafi gaba ɗaya. Da damina ta same mu a haka, a watan Agusta, ruwa da yashi za su taru a daidai ƙofar gidajen mutane, kuma sunana za a kira, ba nasu ba.

Duk wannan da ba a kai nan ba da sun yi abin da kowane ɗalibin safiyo ya sani, wato rufe aiki. Bayan fegin ƙarshe sai a juya da karatun baya da na gaba kawai, a koma kan ƙusar da aka fara. Idan ba a dawo kan 100.000 ba, ko kusa da shi ƙwarai, an san akwai ɓaraka. Wata ƙa'ida da ake yawan amfani da ita a irin wannan aiki ita ce milimita `12√K`, inda `K` ke nufin tsawon tafiyar a kilomita. Zuwa da dawowa a layinmu bai wuce kilomita 0.2 ba, wato abin da za a yafe bai kai milimita 6 ba. Su da sun ga milimita 100. Aikin da bai kai rabin awa ba suka tsallake, kuma a lokacin da suka naɗe ƙafafun na'ura suka ce sun gama, rana ba ta ma yi zafi ba. Na tambayi yaron dalili, ya sunkuyar da kai ya ce oga ne ya ce akwai wani aiki da ke jiransu a wata unguwa.

Yaron ban riƙe shi a zuciya ba. Da aka gano wurin, bai goge lambar ba, ya ja mata layi ɗaya ya rubuta ta gaskiya a samanta, ya sake fitar da shafin, binciken uku suka haɗu a kan −1.135. A wannan karon sun koma kan ƙusa, suka rufe da bambancin milimita 3. Na kuma sa suka sake karanta fegin mita 60, domin ko rufewa ba ta kama kuskuren karatun tsakiya, tunda ba ta kansa tsayin ke wucewa ba. In da shi kaɗai ne zan sake kiransa gobe.

Amma kamfanin, a'a. Har yanzu ina jin zafin yadda shugabansu ya ɗora wa dattijon magini laifi a gaban leburori, mutumin da tiyonsa ya ceci aikin, kuma ko da gaskiya ta fito bai ce masa yi haƙuri ba. Sannan da za su tafi ya miƙo min takardar kuɗin mota na dawowar da suka yi gyara kuskurensu. Ban biya ba. Wanda zai ɗauke su ya sa a cikin yarjejeniya tun farko cewa sai sun rufe a kan TBM a gabansa, kuma ya karɓi hoton shafin fensir ɗin kafin su bar wurin, don wanda suke bugawa a ofis ba ya nuna inda aka ja layi aka gyara.