Giya 47 da 37: abin da `limit_denominator` ya yi mini

Injin sassaƙa ƙarfen da nake aiki da shi tsoho ne, lissafin inci yake yi, amma yawancin notin da ake kawo mini na milimita ne. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, shi ya sa ake buƙatar giya mai haƙora 127 haɗe da mai 100, wato 1.27, abin da ake samu in aka raba 25.4 da 20. Mai 127 ɗin nan babba ce, ba ta shiga murfin injina. Ƙanena mai karatun kwamfuta ya nuna mini wannan a Python, mai nemo lambobi biyu da rabonsu ya fi kusa da 1.27 ba tare da ta ƙasa ta wuce 50 ba:

```python
from fractions import Fraction
print(Fraction("1.27").limit_denominator(50))
```

Nan take ya ba ni 47/37. Raina bai kwanta ba sai da na bi lissafin da biro a bayan kwalin giris. Ka cire 1 daga 1.27, saura 0.27. Ka raba 1 da ragowar, ka sami 3.70, ka cire 3, ka sake raba 1 da abin da ya rage. Haka za ka yi ta yi, lambobin da ka cire su fito 1, 3, 1, 2, 2, 1, 2. Daga cikinsu ake gina 1/1, 4/3, 5/4, 14/11, 33/26, 47/37, sannan 127/100. Kowanne daga biyun da suka gabace shi yake fitowa: 14 shi ne 5 sau 2 a ƙara 4, 11 kuma 4 sau 2 a ƙara 3, 2 ɗin kuwa ita ce ta huɗu cikin lambobin da ka cire. Ɗaya ya ɗara 1.27, na bayansa ya gaza, ratar tana ta tsukewa. Da na ga 47/37 a layin, na yarda.

Kuskurenta wajen milimita 0.2 ne a tsawon mita guda. A ƙusa mai milimita 50, noti ya shige sumul. Da 14/11 na ɗauka, kuskuren ya ninka haka sau goma.

Abin da ya fi burge ni shi ne da na mai da 50 ɗin 70. Sai ya kawo 80/63, wadda ba ta cikin jerina sam, kuma ta fi 47/37 kusa. Ashe 33 da 47 aka tara a sama, 26 da 37 a ƙasa. Mai bin biro kaɗai zai tsallake ta.

Inda ya gaza mini: lambar ƙasa kawai yake iyakancewa, ta sama ba ruwansa, alhali giyar sama ita ce babba a aikina. Bai kuma san giyoyin da ke cikin akwatina ba, ba ya nuna matakan da ya bi. Sannan a kula da alamar zance a `"1.27"`. In ka rubuta `Fraction(1.27)` tsurarta, lambobi ne masu tsawon gaske za su fito, saboda yadda kwamfuta ke ajiye lamba mai ɗigo.

Na zauna a kan 47 da 37, don mai 80 ma ta yi wa murfin girma.