Jadawalin maki ko tulin takardu: wanne zai nuna miki darasin da za ki sake?

"Malamai, na ba ƴan ajina na huɗu, wato CE2, takardar lissafi mai tambaya goma, na gyara takardu 56. Darakta ya ce in zana jadawali in cika sakamakon kowane yaro, wata abokiyar aikina kuma ta ce ɓata lokaci ne, in ware takardun tuli-tuli kawai bisa amsar da yara suka bayar. Wanne ya fi, don in san tambayar da aka fi faɗi da abin da zan sake koyarwa?"

Malama, sannu da aiki. Jadawali shi zai gaya miki tambayar da ta kayar da yara, tuli kuma shi zai gaya miki abin da ya kayar da su a cikinta. A ganina ki fara da jadawali amma ki sauƙaƙa shi, sannan ki yi tuli a kan tambaya ɗaya ko biyu tak. Bari mu ɗauki aji irin naki mu sa masa lambobi na misali, sai ki musanya su da naki.

Ki buɗe tsakiyar kaye, sunayen yara a jere ta gefen hagu, lambobin tambayoyi 1 zuwa 10 a sama. Gidaje 560 ke nan, kuma abin da ke tsorata mutane ke nan, amma ba duka za ki cika ba. Inda yaro ya ci, ki bar gidan wayam. Inda ya yi ya faɗi, ki sa X. Inda bai rubuta komai ba, ki ja ɗan layi. Wannan bambanci tsakanin X da layi shi ne rabin amfanin jadawalin, kada gaggawa ta sa ki haɗe su. In kin gama, ki ƙirga kowane shafi daga sama zuwa ƙasa, ki rubuta jimillar X daban, ta layi daban. Don ki tabbata ba ki tsallake wani ba, ki ƙirga alamomin kowane yaro ki rubuta a gefen sunansa, sannan ki tara jimillolin ƙasa, ki tara na gefen sunaye. In ba su zo daidai ba, akwai kuskure a ƙidayar.

A ce kin samu haka: tambaya ta 10 yara 41 ba su ci ba, ta 7 yara 34, ta 5 yara 21, ta 3 yara 6, sauran kuma ba su taka kara sun karya ba. Da ganin farko za ki ce ta 10 ce matsalar. Amma ki duba alamomin. A cikin 41 ɗin nan, 29 layi ne, wato ba su taɓa ta ba. Ita ce ta ƙarshe a takarda, kuma doguwar matsala ce da Faransanci, sai yaro ya karanta ya gane kafin ya kai ga lissafi. Waɗanda suka gwada ta 27 ne, 15 sun ci, 12 sun faɗi. Ta 7 kuwa yara 54 ne suka gwada, 32 suka faɗi, biyu kawai suka bar ta. Ke nan a ta 10 ba ki san ko lokaci ne ya ƙure musu ba, ko karatun ne ya gagara, ko lissafin. A ta 7 babu wannan shakka: sun kai gare ta, sun yi, sun faɗi. Ita ce ta cancanci darasin gobe. Ta 10 ki sake ba da ita wata rana a farkon takarda, ki karanta musu ita da baki, ki ga ko adadin zai sauka.

Akwai abu na biyu da jadawali kaɗai ke iya yi. Ki zaɓi yara goma da suka fi maki, ki bi layinsu ki ga yadda suka yi a tambayar da kike zargi. In tara cikinsu sun ci ta 7, tambayar lafiyarta ƙalau, ajin ne ke da giɓi. In kuwa bakwai ko takwas cikin gwanayen sun faɗi, kuma duk da amsa iri ɗaya, to ki koma kan takardar kafin ki tuhumi yara. Sau da yawa fotokofi ne ya cinye lamba har 3 ta koma kamar 8, ko amsar da malami ya rubuta wa kansa ce ba daidai ba, ko ba a kai ga koyar da wannan wurin ba tukuna. Mai ware tuli daga farko ba zai ga wannan da sauƙi ba, don ba shi da maki na kowa a gabansa.

In kina da Excel na Faransanci a waya ko ordinata, ki sa 1 ga wanda ya ci, 0 ga wanda ya faɗi, ki bar gidan wanda bai yi ba babu komai. Sunaye a shafin A, tambaya ta 7 za ta faɗo a shafin H:

```
=NB.SI(H2:H57;0)
=NB.VIDE(H2:H57)
```

Ta farko tana ƙirga waɗanda suka faɗi, ta biyu waɗanda suka bari. Amma kaye da biro ma sun isa.

Inda jadawali ya gaza shi ne nan: ya ce yara 32 sun faɗi ta 7, ya yi shiru. In da shi kaɗai kika shiga aji, abin da za ki yi bai wuce ki maimaita darasin ɗebewa kamar yadda kika yi shi da farko ba, da ɗan ƙarin ɗaga murya. A nan shawarar abokiyar aikinki ta fi ƙarfi.

Ki ce tambaya ta 7 ita ce 503 − 267, amsa 236. Ki fitar da takardu 32 masu X, ki riƙa duba amsar wannan tambaya kaɗai, kina ajiye masu amsa iri ɗaya wuri ɗaya. Aikin bai fi ƴan mintoci ba. (In ajinki na rumfar kara ne, ki yi shi a gida ko ki tanadi duwatsun dannewa, iskar hunturun Maradi ba ta san tuli ba.) A ce kin samu 19 sun rubuta 364, 8 sun rubuta 346, biyar kuma kowa da tasa.

Masu 364 ba cinta suka yi ba, doka suke bi, sai dai ba daidai take ba: a kowane gida suna cire ƙaramar lamba daga babba, ko tana sama ko tana ƙasa. 7 a cire 3 saura 4, 6 a cire 0 saura 6, 5 a cire 2 saura 3. Waɗannan ba su karɓi aro ba sam. Masu 346 kuwa sun san aro: 13 a cire 7 saura 6, 10 a cire 6 saura 4, 5 a cire 2 saura 3. Sun ari goma sau biyu, ba su biya ko sau ɗaya ba. A jadawali duk X ne, amma ciwo biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Biyar ɗin da suka rage ki duba su ɗaya-ɗaya. In kin ga 770, wannan tarawa ya yi, bai lura da alamar ba.

Kafin ki yarda da wannan fassara, ki koma jadawali ki gwada ta. Tambaya ta 3 ba ta da aro, misali 486 − 152, shi ya sa shida kawai suka faɗi. Ta 5 tana da aro ɗaya, 72 − 38. In fahimtarki daidai ce, yawancin ƴan tulin 364 za su kasance da X a ta 5, kuma amsarsu 46 maimakon 34. In kin tarar sun ci ta 5, to aro ba baƙonsu ba ne, sifilin tsakiyar 503 ne ya rikita su, kuma darasin zai zama na sifili. Tuli ba zai ba ki wannan ba sai da sunaye, don haka ki rubuta sunayen kowane tuli kafin ki haɗa takardun.

Darasin kansa, kada ki fara shi da 503. Ki rubuta 72 − 38 a babban allo da amsoshi biyu, 46 da 34, ba tare da sunan kowa ba, ki ce su tantance ta hanyar tarawa. 46 da 38 sun ba da 84, ba 72 ba. Yaron da ya ga haka da hannunsa ya fi saurin sakin dokarsa a kan wanda aka ce masa kawai ya yi kuskure. Daga nan ki raba su. Yara 22 da suka ci su ɗauki tambaya ta 10 su yi ta biyu-biyu. Masu 346 ki ba su lissafi huɗu, da sharaɗin duk goman da aka ara sai an rubuta ɗayan biyansa a wurinsa kafin a wuce gida na gaba, kuma kowace amsa a gwada ta da tarawa. Ke kuma ki zauna da 19 ɗin nan da tsinkayen tsintsiya, ɗauri bakwai na goma-goma da tsinke biyu, ki ce a cire takwas. Ba za a iya ba sai an kwance ɗauri ɗaya, ɗaurin ya koma shida, tsinkaye sha biyu.

A nan ki lura da hanyar da aka koya musu a CE1. Kwance ɗauri ya dace da hanyar rage ɗaya daga lambar sama. In kuwa hanyarsu ita ce wadda ake ƙara ɗaya a lambar ƙasa, tsinkayen za su nuna wani abu, rubutun ya nuna wani. Sai ki bayyana ta da shekarun wa da ƙane: a ƙara wa kowannensu goma, tazarar da ke tsakaninsu ba ta canza ba. Ki tsaya kan hanya ɗaya a wannan darasi. Kuma ni ba na son a yi wannan da kuɗi, domin yaranmu da dala suke ƙirga su: abin da takarda ta kira 500, a bakinsu dala ɗari ne, sai ki ƙara musu wani ruɗani a kan wanda kike son warwarewa.

Minti biyar na ƙarshe, kowa ya fito da ƙaramin allonsa, ki ba su 702 − 465, su ɗaga gaba ɗaya in kin buga tebur. Na zaɓi waɗannan lambobi ne don amsoshin su rabu daga nesa: 237 daidai, 363 mai cire ƙarami daga babba ne har yanzu, 347 mai aro ba biya ne. Ɗaga allo yana da saurin nuna inda ake, amma na baya suna leƙen na gaba, don haka bayan mako guda ki ba su lissafi uku irin wannan a takarda, ki ƙara shafi uku a gefen jadawalinki na farko, ki duba sunaye 27 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya.