Print ko dibaga: wanne ya fi saurin kamo ɓarawon lissafi?

"Salam 'yan uwa. Na rubuta wa shagon dabinon da nake aiki a Jidda ɗan kod na Python mai haɗa kuɗin odar rana. Mai kwali 10 zuwa sama yana samun rangwamen kashi 5, sannan a ɗora harajin kashi 15. Oda ɗaya in na gwada daidai take fitowa, amma in na zuba duka 300 jimla sai ta gaza ta fatura, kuma ba ya nuna wani kuskure. Na cika ko'ina da print har kaina ya ɗau zafi. Wai dibaga ta fi ne ko duk ɗaya?"

```python
jimla = 0
rangwame = 0
for oda in jerin_oda:
    if oda.adadi >= 10:
        rangwame = 0.05
    kudi = oda.adadi * oda.farashi * (1 - rangwame)
    jimla += kudi * 1.15
```

Wa alaikumus salam ɗan uwa, sannu da fama. Ba ɗaya ba ne gaskiya. Shi `print` tambayar da ka yi tun kafin ka kunna kod ita kaɗai zai amsa ma, ita kuwa dibaga sai ka tsayar da kod ɗin a tsakiyar aiki ka leƙa, sannan ka yi tambayar da abin da ka gani ya kawo ma. Nasan wasu a nan sun riga sun hango matsalar da ido tunda layi 7 ne, amma ku bari mu bi ta a hankali don gobe layi 700 za a kawo.

Mu fara da hanyar da ka bi. Ka buga adadi, ka buga farashi, ka buga `kudi`, sau 300, layi 900 kenan a taminal suna gudu, kuma ba wanda zai zo da alama a goshi yace ni ne mai laifi, sai dai ka ɗau kalkuleta kana bi ɗaya bayan ɗaya. Kuma abin haushin shi ne mutum abin da yake zargi kawai yake bugawa, in ɓarnar tana wani bariyabul da hankalinka bai kai ba to ko print dubu ka sa ba zai fito ba. Sai ka ƙara wani, ka sake kunnawa, ka sake karantawa, haka dai.

To ga ta dibaga a VS Code. Kada ka sa burekfoyin, wato jan ɗigon da ke tsayar da kod a kan layi, haka kawai cikin luf ɗin, don zai tsaya ma sau 300 kana ta danna F5, ba ka tsira daga komai ba kenan. Ka je layi na 7, danna maɓallin dama na linzami a gefen lambar layin, zaɓi `Add Conditional Breakpoint`, ka rubuta ƙa'idar shagon da bai kamata a karya ba:

```python
oda.adadi < 10 and kudi < oda.adadi * oda.farashi
```

Wato duk wanda bai kai kwali 10 ba amma kuɗinsa ya ragu, tsaya min a kansa. Ka lura ban ce nasan inda matsalar take ba, na dai faɗi yadda ɓarnar take kama ne, kwamfuta ta nemo. Dalilin da yasa layi na 7 ba na 6 ba kuwa, burekfoyin yana tsayawa ne KAFIN a aiwatar da layin da yake kai. In ka sa shi a na 6, `kudi` da zaka gani na odar baya ne, a zagayen farko ma babu shi sam. Wannan yana rikita sababbi sosai, mutum ya zauna yana zargin lambar da ba ta odar da yake kallo ba ce.

Danna F5. Zai wuce masu lafiya ya tsaya cak a kan ta farko da ta lalace. A ce kwali 4 ne a riyal 50, ya kamata `kudi` ya zama 200, da haraji 230. Sai ka ga 190.0, wanda in an ɗora haraji 218.5 ne, riyal 11.5 sun tafi a oda ɗaya. Yanzu dubi ɓangaren VARIABLES a hagu, komai na nan a jere har wanda baka taɓa tunanin bugawa ba, kuma ga `rangwame` zaune da 0.05 alhali adadi 4 ne. Waye ya ba mai kwali 4 rangwame?

Nan WATCH ke shigowa, wato wurin da kake zuba abin da kake son sa wa ido. Danna alamar + ka zuba `rangwame` da `oda.adadi`, ka sa jan ɗigo a layi na 5 da F9, ka sake kunnawa daga farko. Zai tsaya a babbar oda ta farko, misali mai kwali 12. Danna F10, rangwame ya tashi daga 0 zuwa 0.05, daidai ne, haƙƙinsa ne. Cigaba da F10 har luf ya juyo kan oda ta gaba, adadi ya koma 4, `if` ya tsallake, amma rangwame na nan bai motsa ba. Shikenan an kama shi. Ba wanda ya maida shi sifili, tun daga babban kwastoma na farko kowa ya ci rangwame har aka rufe shago. Shi yasa gwajin oda ɗaya ke fita daidai, don a lokacin bai gaji komai daga kowa ba. Gyaran kuwa ka ɗauke `rangwame = 0` daga layi na 2 ka maido shi cikin luf ɗin, saman `if`.

Abu biyu zan ja kunnenka a kan WATCH. Na ɗaya, a Python ɗin VS Code ba ya tsayar da kod don bariyabul ya canza, nuna ma kawai yake duk sanda aka tsaya, tsayarwar aikin burekfoyin ne. Na biyu kuma ya fi haɗari, duk abin da ka rubuta a ciki ana aiwatar da shi ne da gaske a kowace tsayawa. Ka sa irin `jerin_oda.pop()` a wurin, to kowane F10 sai ya cinye ma oda guda, ka zo neman ɓarna ɗaya ka ƙirƙiro ta biyu da hannunka. Abin karantawa kawai ake sawa.

Ba wai print ba shi da rana bane fa. In kod ɗin yana magana da wata saba da ke jiran amsa cikin 'yan daƙiƙu, kana tsaye kana nazari haɗin zai yanke, ka ga matsalar da babu ita da. Haka in ayyuka biyu ne ke gudu lokaci guda suna rige-rige, tsayawar ka na iya sauya wanda ke riga wani, ɓarnar ta ɓuya. Ko abin da sai ƙarfe 3 na dare yake faruwa ba ka kusa. A irin waɗannan rubutaccen tarihi ake so, amma ko a nan ni `logging` nake ba mutum shawara, don yana sa lokaci kuma ana kashe shi ba sai an bi ana gogewa ba. Sannan burekfoyin mai sharaɗi yana rage gudu tunda kowane zagaye sai an duba sharaɗin, a oda 300 ba zaka ji ba, a miliyoyi zaka ji.

In kuma kwamfutar shagon ba VS Code, taminal kawai, Python daga 3.7 zuwa sama yana da `breakpoint()`. Rubuta shi ƙarƙashin wani sabon `if` mai wancan sharaɗin, saman layin `jimla +=`, ka kunna yadda ka saba, zai tsaya ya baka `(Pdb)`. Daga nan `p rangwame` ya nuna ma abin da ke ciki, `n` layi na gaba, `c` a cigaba, `display rangwame` kuma shi ne WATCH ɗinka, duk tsayawar da ya tarar ya canza zai nuna sabon da tsohon. Shi dai wannan a cikin kod yake zaune ba kamar jan ɗigo ba, don haka ka cire shi kafin ka miƙa wa mai shago, in ba haka ba ana tsakiyar ciniki zai tsaya yana jiran umarni.