Tsohon fim ko sabon da aka maimaita: wanne za a fara tura maka?

A shagunan masu tura finafinai na Tudun Wada ko Kawo a Kaduna, idan ka ce a saka maka fim ɗin Indiya mai suna Don, mai shago kan ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, na Amita ko na Sharu Khan?" Da yawa sai su ce a ba su sabon, wai ya fi kyan hoto. Wasu dattawa kuma ba sa yarda da komai sai na asali. Duk su biyun sun tsallake tambayar da ta kamata: me sabon ya yi wa labarin tsohon?

Fara da Don ɗin. Na 1978 Amitabh Bachchan ne ya fito a ciki: ƙasurgumin ɗan fasa-ƙwauri ya mutu a hannun wani babban ɗan sanda, shi kuma ya ɓoye mutuwar, ya samo wani talaka mai suna Vijay da ke kama da mamacin, ya cusa shi cikin gungun. A 2006 Farhan Akhtar ya maimaita shi da Shah Rukh Khan, ya kai yawancin labarin Malesiya, ya bi sawun tsohon har kana ganin ka san inda za a sauka, sannan a mintunan ƙarshe ya kife da abin da ka yarda da shi tun farko. Ba zan faɗi yadda aka yi ba. Amma wannan juyi an gina shi ne a kan cewa mai kallo ya san na 1978. Wanda bai san shi ba zai ji daɗi, sai dai rabin dukan ne ya same shi. Idan kuma daga baya ya koma wa tsohon, zai zauna yana jiran juyin da babu shi. A nan tsohon za a fara kallo, a yi haƙuri da dusashewar hotonsa.

Drishyam kuwa akasin haka ne. Na asali na 2013 ne, da harshen Malayalam, Mohanlal ya ja shi. Na Hindi ya fito a 2015 da Ajay Devgn da Tabu. An ɗauke labarin daga Kerala zuwa Goa, an canja sunaye, an mai da babbar 'yar jarumin ta zama 'yar riƙo, amma ƙashin bayan labarin bai motsa ba: magidanci mai ƙarancin karatu, mai sana'ar haɗa wa mutane tashoshin talabijin, yana kare iyalinsa bayan ɗan wata shugabar 'yan sanda ya mutu a gidansu. Ɗanɗanon fim ɗin duk yana cikin sirri guda, kuma sirri sau ɗaya ake jin sa. Wanda ka fara kallo shi zai cinye mamakin, na biyun ya zama bita.

To wanne za ka ba wa wannan dama? Wanda za ka fi fahimta. Dabarar magidancin a kan ƙananan abubuwa take: tikitin mota, rasit ɗin gidan abinci, da yadda yake nanata wa shaidu rana har su haddace ta a matsayin gaskiya. A na Hindi ranakun su ne 2 da 3 ga Oktoba. Idan kana fama da rubutun ƙasan allo mai gudu, ka rasa jimla biyu a wurin, zaren ya kuɓuce maka. Kunnen mutumin Kaduna ya daɗe da sabawa da Hindi, kuma ya san fuskokin jaruman, ba zai ɓata rabin awa yana tantance wane ne wane ba. Ni na fi son wasan Mohanlal, ya fi kama da talakan da ba wanda zai zarga. Duk da haka, idan za a zauna kallo da iyali a falo, na 2015 nake cewa a fara da shi, sai fa in an samu na asalin da fassarar Hausa mai kyau.

Akwai kuma batun ci gaba. Don 2 na 2011 daga na Shah Rukh ya ɗora, ba ruwansa da na 1978. Drishyam 2 ma iri biyu ne, na Malayalam a 2021, na Hindi a 2022, don haka layin da ka kama shi za ka bi, kada sunaye da fuskoki su rikice maka.

Kafin ka bar shagon, ka buɗe fim ɗin a wayarka, domin sau da yawa suna kawai ake rubutawa babu shekara. Duba fuskar jarumi, sannan ka duba tsawonsa. Kowane Drishyam na farko ya haura awa biyu da rabi. Idan naka bai kai awa biyu ba, an yanke shi. Ja shi zuwa tsakiya ka saurari minti ɗaya, ka ga ko murya na tafiya daidai da baki, don a irin waɗannan kwafin daga tsakiya sauti ke fara zamewa.