Kafin ka biya kuɗin rubutun ƙasan bidiyo mai Hausa da Turanci

A ce kun ɗauki bidiyon malamin gona a fadamar Argungu yana yi wa manoman shinkafa bayani. Ya fara jimla da Hausa, da ya zo kan lokacin zuba taki da sunansa sai ya koma Turanci, sannan ya ƙarasa da Hausa. Bidiyon zai je wayoyin manoma, zai kuma je ga masu ba da tallafi a Abuja waɗanda ba sa jin Hausa. Mai tace bidiyo a Birnin Kebbi zai iya yi maka aikin ta hanya uku, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Mafi araha ita ce ta musaya: in an yi Hausa a rubuta Turanci, in an yi Turanci a rubuta Hausa. Tana yin kyau idan mutum biyu ne, kowa da harshensa. Ga malamin gonarmu kuwa ba na ba da shawararta, domin a tsakiyar jimla yake sauyawa. Manomi zai ji rabi da kunne, ya tsinci rabi da ido, kuma yawanci rabin da ke kuɓuce masa shi ne na adadi da sunan taki, wato ainihin abin da aka tara shi a kai.

Ta biyu ita ce layi biyu a tare, an manna su a jikin hoton: Hausa a sama, Turanci a ƙasa, kowanne cikakkiyar jimla. Ga yadda jimlar malamin za ta fito cikin daƙiƙa huɗu:

```
12
00:01:08,000 --> 00:01:12,000
Sati biyu bayan dashe, a zuba yuriya.
Two weeks after transplanting, apply urea.
```

Layin Hausa harafi 37 ne har da sarari, na Turanci 42, iyakar da masu wannan sana'a suka saba tsayawa a kai ke nan a layi ɗaya. Tunda kowane harshe layi guda ya samu, dole a taƙaita magana, a zubar da su “ka gane ko” da maimaici. Adadi da sunan taki ne kaɗai ba a taɓawa. Ka nace kada layukan su sauya wuri ko sau ɗaya, a kuma ba su launi daban, fari da rawaya misali, don ido ya san inda zai sauka. In bidiyon a tsaye aka ɗauka, harafi 42 ba zai shiga faɗin allo ba sai an ƙanƙanta rubutu, don haka a yanka jimlar gida biyu. Wannan hanyar nake zaɓa ga duk abin da zai yi yawo a WhatsApp, domin a can fayil ɗin rubutu na daban ba ya bin bidiyo.

Ta uku fayil biyu ne na SRT, wato fayil ɗin rubutu da lokacin fitarsa wanda ba a manna a jikin hoton ba, ɗaya Hausa zalla, ɗaya Turanci zalla. A YouTube ana ɗora dukansu, mai kallo ya zaɓi nasa, kowa kuma ya sami layi biyu cur. Kuskure ma cikin sauƙi ake gyara shi, ba sai an sake fitar da bidiyo ba. Illarta ita ce sai mutum ya kunna rubutun da kansa.

Batun kayan aiki ba ya buƙatar dogon ciniki. Manhajar Subtitle Edit kyauta ce a kwamfuta, kuma tana nuna yawan haruffan kowane layi. Aegisub, shi ma kyauta, ya fi dacewa da ba kowane layi launinsa da wurinsa. CapCut na waya ya isa ɗan gajeren bidiyo, amma hirar minti ashirin za ta gajiyar da mai yi.

Inda aka fi samun matsala shi ne haruffa masu lanƙwasa. Ka sa a gwada maka “ƙasa”, “ɗaya” da “ɓera” a wayarka kafin a fara. Idan alamar tambaya ko baƙaƙe marasa ma'ana suka fito, ba a adana fayil ɗin da UTF-8 ba, wato tsarin adana rubutu da ke ɗaukar waɗannan haruffa. Idan ɗan akwati ya fito, salon harafin ne ba shi da su; Noto Sans da Andika suna da su. Kada ka yarda a cire lanƙwasar, don a bidiyon noma “ƙasa” da “kasa” ba abu ɗaya ba ne.

Ka tambayi wanda zai rubuta layin Hausa ko kunnensa ya saba da Kabanci. Manomi zai ce “hwadama”, a rubuta “fadama” yadda mai karatu a Gusau ko Kano ya saba gani, amma kada a canja masa kalmominsa. Mafi yawan wahalar tana wajen daidaita lokacin rubutu da magana ne, kuma sau ɗaya ake yin ta. Saboda haka ko da hanya ta biyu ka saya, ka sa cikin ciniki tun farko cewa za a ba ka fayilolin SRT guda biyu da kuma bidiyon da ba a manna wa komai ba.